A Cire Sunansa Daga Bangon Aikin

'Yan'uwa mazauna Sabo, Agege da sauran zangunanmu na Kudu.

Akwai wata ɗabi'a da ke cutar masu karatu a cikinmu, wadda muka laƙaba wa suna zumunci. Malami zai raba aiki rukuni-rukuni, mu 'yan Arewa mu haɗu wuri guda, sai ɗaya ya naɗe hannu har ranar miƙawa, sannan a rubuta sunansa a bango wai don ɗan gida ne. Ni dai ban yarda ba.

A makarantar koyon kwamfuta da nake zuwa da yamma an ba mu mako biyu, mu biyar, mu tattaro farashin kayan gwari a kasuwa mu jera shi a Excel. Mutum uku suka ɗauki tumatir, tattasai da attaruhu, ni na ɗauki jerawa, na biyar aka ba shi albasa, tunda a rumfar albasar babansa yake wuni. Kwana goma ko lamba ɗaya bai kawo ba. Kullum "insha Allahu gobe". Gurbin albasa kuwa ba ya ɓoyuwa, malami na buɗe shafin zai gan shi fayau, kuma makin kowa zai taɓa.

Miƙawa ranar Juma'a ce. Ran Litinin muka tura masa saƙo a rubuce, don magana ta baki ana musunta ta: farashin buhu na kwana uku, zuwa azahar ɗin Laraba, in ba haka ba za mu yi da kanmu kuma babu sunansa. Mun rage masa aikin da gangan, kada ya ce an matse shi. Laraban ce iyaka domin ta bar mana yammacinta mu shiga kasuwa, Alhamis kuma mu buga, ko da an ɗauke wuta. Malamin ma ran Larabar muka sanar da shi, da saƙon a hannu. Wanda ya bari sai bayan maki ya fito, ƙorafinsa gulma za a ɗauke shi.

Da ya ga da gaske ne sai ya ce zai biya kuɗin bugawa. Haba jama'a! Wannan ai sayen maki ne. Wane ɗan kasuwa ne zai raba riba da wanda bai zuba jari ba, bai kuma tsare rumfa ba?

Wasu za su ce a baƙon wuri ba a tona wa juna asiri. To, in rashin lafiya ne ko rasuwa, wannan daban, mai uzuri yakan faɗa tun da wuri kuma a ɗauke masa. Wannan kuwa lafiyarsa ƙalau, mun gan shi gidan kallon ƙwallo. Kuma malamin yakan tsayar da kowa ya yi bayanin ɓangarensa. Da ya tashi ya yi tsuru-tsuru a gaban aji, mu biyar za a kira maƙaryata.

Sunaye huɗu muka miƙa. Har yau ba ya amsa sallamata, babansa kuwa muna gaisawa lafiya lau.