Kafin a biya kuɗin IELTS, a zauna a yi lissafi

 Yau da ƴan uwanmu ma'aikatan jinya za mu yi magana, waɗanda ke son rajista a Burtaniya, da ɗalibai masu neman gurbi a jami'ar da ake koyarwa da Ingilishi. Abin da muke gani shi ne, yawanci ana fara abin daga inda ya kamata a ƙare. Mutum ya tara kuɗi, wani har da bashin dangi, ya biya jarabawar IELTS, ya zaɓi rana nan da wata biyu, sannan ya soma tambayar me ake karantawa. A ra'ayinmu maki ake fara tsayarwa, sai a auna inda ake, ranar jarabawa kuma lissafi ne zai fito da ita.

Mu ɗauki hukumar NMC, wadda ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista a Burtaniya. Tana karɓar IELTS Academic, kuma tana son 7 a jimla, 7 a sauraro, 7 a karatu, 7 a magana, da 6.5 a rubutu. Nan mutane ke faɗawa rami, don sun riƙe "bakwai" kawai a ka. Wanda ya samu 8 a sassa uku da 6 a rubutu, jimlarsa 7.5 ce, takarda mai kyan gani, amma rubutun nan ya hana ta wucewa. Jami'o'i ma haka suke: da yawa suna neman 6 ko 6.5 a jimla, tare da sharaɗin kada wani sashe ya sauka ƙasa da 5.5 ko 6. Don haka a buɗe shafin hukumar ko na jami'ar, a kwafe lambar kowane sashe a takarda. Maganar wani a zauren WhatsApp ba ta isa ba, dokokin suna canzawa.

To, "bakwai" ba abu ba ne da za ka iya karantawa da dare. Sai an mayar da shi abin ƙirgawa. Sauraro tambaya 40 ce, karatu ma 40, kuma a kowanne, amsa daidai wajen 30 ce ke ba da 7. Mu dai muna ganin wanda ke son 30 a ɗakin jarabawa ya nemi 33 a gida, domin ranar akwai gajiyar tafiya da faɗuwar gaba, kuma muryar sau ɗaya ake kunna ta.

Bari mu yi misali da wata ma'aikaciyar jinya da ke aiki a likita, tana kwanan gadi sau biyu a sati. Ta zauna ta yi cikakken gwaji a gida, da agogo, ba ƙamus, ba tsayawa. Sauraro ta ci 26, wato 6.5. Karatu 23, wato 6. Wani malami da ya san jarabawar ya duba rubutunta ya ba ta 5.5, magana kuma 6.5. Yanzu ta san bashin da ke kanta: amsa huɗu a sauraro, bakwai a karatu, rabin maki a magana, da maki guda cur a rubutu.

Maki guda ana jin sa kamar ƙaramin abu. Ba haka ba ne. Tashi daga 6 zuwa 7 kusan hawa mataki ne guda a sanin harshe, kuma ƙiyasin Cambridge shi ne mataki ɗaya yana cin awa 200 ko kusa da haka na karatu mai jagora. Baiwar Allah nan, in ta faɗi gaskiya, awa 10 take iya samu a sati. Awa 200 a raba da 10, sati 20 ke nan. A ƙara sati huɗu na gwaji zalla a ƙarshe. In tana son sakamako a hannu ƙarshen watan Yuni, sai ta zauna jarabawar a tsakiyar Yuni. Gwaje-gwajen ƙarshe su fara tsakiyar Mayu, karatun kansa kuma ya fara ƙarshen Disamba. In azumi ya faɗo cikin watannin, ko zafin Afrilu da ɗaukewar wuta, kada a yi kamar ba su nan. A rage awoyin waɗannan satuttukan tun a kan takarda, a ja farkon baya.

Wani zai ce ai wane wata biyu ya yi ya ci. Gaskiya ne, amma wane ya yi karatunsa a Kano ko a Kumasi, kunnensa ya riga ya saba. Wanda ya taso da Faransanci tun daga lakwal, tazararsa daban ce.

Awa goman ma ba a raba su daidai wa daida. Inda bashi ya fi nauyi can ake fara biya: huɗu ga rubutu, uku ga karatu, sauran ukun a raba tsakanin sauraro da magana. Mun lura mutane sun fi son zama kan sashen da suka iya, don yana sa rai ya yi daɗi, su bar wanda zai kayar da su.

A sashen karatu akwai dabara mai sauƙi ta gane ciwon. Nassi uku ne cikin minti 60, wato minti 20 kowanne. Ta sake yin wani gwajin ba agogo. In ta tashi daga 23 zuwa 31, to lokaci ne ke cin ta, sai ta koyi neman amsa cikin nassi maimakon karanta kowane layi. In ko ba agogo tana nan a 24 ko 25, kalmomi ne ba ta da su, kuma sauri ba zai yi maganin wannan ba, sai karatu kullum da littafin tara kalmomi. Haka a sauraro: ta ware amsoshin da ta ji daidai amma ta ɓata harafi wajen rubutawa, domin harafi ɗaya ya kauce, makin ya tafi. Masu Faransanci suna yawan yin asara a nan, kalmomin sun yi kama amma rubutun ya bambanta.

Rubutu kuwa, mutum ba ya iya auna kansa. Aiki biyu ne cikin awa ɗaya, na farko aƙalla kalma 150, na biyu aƙalla 250, kuma na biyun nauyinsa ya ninka na farko. In akwai wurin da ya cancanci a kashe kuɗi, to wajen mai duba rubutu ne, wanda zai nuna kuskuren da ke maimaituwa, a gyara, a sake rubuta wannan takardar kafin a taɓa sabuwa.

Sai a sa wurin tsayawa. A sati na takwas ta sake cikakken gwaji: karatu ya kamata ya kai 26 ko 27, rubutu ya taɓa 6. In bai kai ba, ranar ce za ta matsa, kuma ba a yi asarar ko dala ba tunda ba a biya ba tukuna. Mu shawararmu, kada kuɗi ya fita sai gwaji biyu a jere sun kai 30.

In aka zauna aka gaza da rabin maki, NMC ta yarda a haɗa sakamakon zama biyu da aka yi cikin wata 12, muddin a duka biyun ba a sauka ƙasa da 6.5 a sauraro, karatu da magana ba, ko ƙasa da 6 a rubutu. Wannan ya sa ko sashen da aka fid da rai ba a watsar da shi ranar jarabawa. Kuma sakamakon shekara biyu yake aiki, don haka wanda takardun makarantarsa ba su kammala ba, ya sa wannan ma cikin lissafin kafin ya zaɓi wata.