Ba Injin Ba Ne Mai Laifi, Mai Rubutun Ne

'Yan uwa marubuta, wata ɗabi'a ta shigo mana: mutum ya kwafi maƙalarsa ya zuba wa manhajar da ke mayar da rubutu murya, ya danna, ya watsa ba tare da ya saurara ba. In an yi ƙorafi ya ce injin ne bai iya Hausa ba. Ni dai na ce lalaci ne. Rubutun ido daban, na kunne daban, kuma shirya na kunnen aikinmu ne.

Ku ɗauki wannan jimla: "Motar Kaduna-Abuja ta tsaya a Gonin Gora, ƙaramar hukumar Chikun, da ƙarfe 4:30." Ido ba ya tuntuɓe a cikinta, amma tarkuna uku ke jiran injin. Karan da ke tsakanin Kaduna da Abuja ba shi da sauti, sai a rubuta "Kaduna zuwa Abuja". Chikun rubutun Turanci ne, mu harafin c kaɗai ke ba mu wannan sautin, don haka a kwafin injin a sa "Cikun". Lambar kuma a warware ta: "ƙarfe huɗu da rabi". Wanda ya bar ƙ ba ƙugiya kuwa, kada ya zargi kowa in ya ji "karfe".

Sai tsayawa. Gonin Gora suna ɗaya ne, numfashi ɗaya. In injin ya yanka shi biyu, mutumin unguwar zai ji baƙo ke magana. Bayan sunan ake hutawa. A manhajar da ke karɓar SSML haka ake yi:

```
Gonin Gora <break time="400ms"/>
```

Wannan bai kai rabin daƙiƙa ba, ya ishi waƙafi. Tsakanin sakin layi a ba da daƙiƙa guda. Muryar Hausa ta MMS da kamfanin Meta ya fitar a 2023 ba ta karɓar wannan alama, don haka sai a ba ta jimla ɗaya-ɗaya, a haɗa a Audacity, a saka shirun da hannu.

Na san masu cewa ai mai sauraro zai gane. Mai karatu ne ke iya komawa baya ya sake duba layi. Direban da ke sauraro a kan hanyar Abuja, abin da ya wuce shi ya wuce. Kuma rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali: garin zama da garin tuwo duk "gari" ne a takarda. In injin ya karkata, canza kalmar, ka sa "birni" inda ya dace. Suna kuwa ba a canza shi, sai dai ka tambayi mazauna wurin yadda suke faɗa, ka yi ta gyara harufa har ya yi daidai.

Kafin ka tura mana, kunna wa wanda bai karanta maƙalar ba. Duk inda ya ce "me?", koma can.