Alat ba shaida ba ne

An daɗe ana cusa wa 'yan kasuwa cewa littafin lissafi na hannu kayan da ne, tunda alat yana shigowa waya kuma na'ura ba ta kuskure. Ni ban yarda ba. Alat maganar banki ce a kan aikin banki. A wace kasuwa ake bar wa wanda ake bi bashi riƙon littafin bashi shi kaɗai?

Ga labarin wata Hajiya mai sayar da manja a Kasuwar Rimi ta Kano, a 2024. Duk wanda ya biya ta da taransfa, sai ta rubuta kwanan wata, sunansa da adadin kuɗin a littafi irin na 'yan makaranta. 'Ya'yanta har dariya suke mata.

A lokacin, doka ta ce a cire harajin naira 50 a kan duk kuɗin da ya shigo asusu idan ya kai naira 10,000 ko ya haura. Abin da bai kai ba, ba a taɓa shi. A wani wata kuɗi ya shigo mata sau 38, amma 22 ne kawai suka kai dubu goma. Harajinta ke nan 1,100. Sai ga alat ɗaya dunƙule, an cire 1,900. Ta zauna da biro bayan la'asar, ta raba 1,900 da hamsin, ya ba ta 38. Ashe har cinikin kwalba biyu an yi wa haraji.

Wanda ya dogara da alat ba zai taɓa gane wannan ba, domin saƙon bai faɗi a kan waɗanne kuɗaɗe aka yi cirar ba. Jimla kawai ya kawo.

Da ta je reshen bankin, matashin da ke kan kanta ya ce, "Hajiya, ai na'ura ce ke cirewa da kanta."

Ta ce, "To ɗana, na'urar wa ya saita ta? Fitar min da takardar bayanin asusu ta watan nan, mu bi layi-layi."

Suka bi, littafi da takarda suka yi daidai, sai cirar ce ta saɓa. Ta sa aka rubuta mata ƙorafi, ta karɓi shaidar shigar da shi. Da banki bai warware ba, tana da damar kai ƙara sashen kare masu mu'amala da bankuna na Babban Bankin Najeriya. Ba a kai can ba, aka mayar mata da naira 800.

Masu cewa ɗari takwas ba ta kai kuɗin Adaidaita Sahu zuwa banki da dawowa ba sun manta cewa saitin da ya karkace a wannan wata zai sake yanka a wata mai zuwa. Sai dai littafin ma yana da sharaɗi: da jimlar cinikin yini kawai Hajiya take rubutawa, da ba ta iya ware 22 daga cikin 38 ba.