A Nuna Wa Uwa Kwalbar Kafin A Yi Allurar

Jama'ar Gombe, daga Pantami har Bolari, zance guda muke ji: an yi wa jariri allurar Penta ta sati 6, ya kwana da zazzaɓi, cinyar ta kumbura, sai uwa ta ce maganin ya lalace saboda rashin wuta. Ranar ta sati 10 da ta 14 kuma ba a ƙara ganinta ba.

Mu ba mu ga laifinta ba. Wa ya yi mata bayani?

Wannan zazzaɓin an san da shi, yakan sauka cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma ba alamar lalacewar magani ba ne. Ana ajiye maganin a sanyin digiri 2 zuwa 8. A jikin kwalbar akwai ɗan murabba'i mai haske cikin da'ira. Idan zafi ya yi masa yawa yakan yi duhu, in ya kai duhun da'irar sai a zubar.

Muna roƙon ma'aikatan lafiya su riƙa nuna wa uwa wannan alamar, su faɗa mata zancen zazzaɓin tun kafin su tsira allurar. Amma in yaro ya yi jijjiga ko ya ƙi nono, a kai shi asibiti nan take.