A Rubuta Kuɗin Kitso A Bango

Ranar jajibirin ƙaramar Sallah na raka 'yar ƙanwata wani ƙaramin shagon gyaran gashi a unguwarmu. Kafin ta zauna na tambaya: "Nawa ne shuku?" Aka ce naira dubu biyu. Ta zauna, ta cire ɗankwali.

Da aka gama, aka ce in kawo dubu biyar.

Na ce a yi min lissafi. Tsifar tsohon kitso, ɗari biyar. Wanke kai, dubu ɗaya. Busarwa, ɗari biyar, wai da janareta aka yi. Man da aka shafa, ɗari uku. Sai ɗari bakwai saboda gashin yarinyar "ya cika yawa". Duk cikin waɗannan biyar ɗin babu wanda aka ambata min kafin a taɓa kanta. Ba a ce "Anti, a wanke?" ba, kawai aka ja ta wajen baho. Shi kuwa yawan gashin, ai a gabansu ta kwance ɗankwalin tun farko.

Ni na biya. Amma kusa da ni akwai wata baiwar Allah da ta zo da dubu uku, har da kuɗin adaidaita a ciki. Ina kallo ta juye jakarta a cinya, tana ƙirga canji, idonta ya kawo ruwa, mata cike da shago sun zuba mata ido. Ƙarshe sai wayarta ta bari jingina.

Wannan cuta ce, kuma ta zama ruwan dare.

Ku dubi bangon irin waɗannan shaguna. Akwai hotunan kitso kala-kala. Akwai lambar asusun banki da manyan baƙaƙe. Akwai takardar da ta ce ba a ba da bashi. Wato akwai kwali, akwai alƙalami, akwai mai rubutu. Duk abin da zai kare mai shago an manna shi. Abin da zai kare mai zuwa kitso shi kaɗai ne bango ya rasa gurbinsa. Mantuwa ce wannan?

Wasu kuma sun rubuta, amma gara ma babu. "Kitso, daga 2,000." Daga nan zuwa ina? Wane kitso? Kalaba ce ko shuku? Manya ko ƙanana? Da wanki ko babu? Kalmar "daga" ƙofa ce da aka bari a buɗe don a shigo da duk abin da aka ga dama bayan an riga an kama kan mutum. Kuma sun san mace ba ta tashi da rabin kitso ta fita titi.

Abin takaicin, wadda ta ƙi faɗin farashinta ita ce idan ta je Sabon Gari sayen shamfu da man kitso ba ta yarda a sa mata komai a leda sai ta ji kuɗinsa, ta taya, ta sake tayawa. Ta san haƙƙinta a shagon wani. Me ya sa take mance na wasu a nata?

Mun gaji da uzuri. An ce kaya na tashi kullum. Gaskiya ne, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 tayar da janareta ya zama aiki, kuma babu mai cewa a busar masa da gashi kyauta. To a sayi farin allo da maka, ko baƙin allo da alli, a sa kwanan wata a sama. Ranar da mai ya tashi a goge a sake rubutawa. Masu gidan mai ma haka suke yi.

An ce kai ya bambanta da kai. Shi ma gaskiya ne, kuma shi ya sa ake buƙatar bayani. Gashi ana iya kasa shi uku: wanda bai kai wuya ba, wanda ya kai kafaɗa, da wanda ya wuce kafaɗa. Kitso ana ƙirga layinsa. Makitsiyar da ta yi shekara biyar tana sana'a, kallo ɗaya take yi wa kai ta san awa nawa zai ci. Ta sani tun farko, sai dai ba ta so ta faɗa.

An ce wasu ba su iya karatu ba. Wadda ba ta karanta boko tana gane lambar kuɗi, kuma hoton shuku da 2,000 a ƙarƙashinsa ba ya buƙatar tafinta.

Allon da ake magana a kai ba wani abin wahala ba ne. Gida biyu ne. Na sama shi ne aikin kansa, kowane layi ya faɗi abin da ke ciki: "Shuku, layi goma zuwa sha biyu, gashi zuwa kafaɗa, da taza da man shago, 2,000." "Wanke kai da shamfun shago, ban da busarwa, 1,000." Na ƙasa shi ne ƙari, kowanne da kuɗinsa tsararre: tsifa, busarwa da wutar NEPA, busarwa da janareta, gashin da ya wuce kafaɗa, ƙananan kitso, zuwa gida, cajin POS. A bayyana ragin da za a yi wa wadda ta zo da manta ko shamfunta. Idan akwai farashin Sallah, a rubuta shi da ranar da zai fara, kar a bari sai mutum ya zauna. A ƙasan allo a sa jimla ɗaya: ba a ƙara komai sai an tambaye ki.

Da wannan allon yana rataye ran nan, da matar nan ta ɗaga kai ta ga cewa tsifa da wanki da busarwa za su cinye mata dubu biyu. Da ta koma gida ta tsefe, ta wanke, ta dawo ta biya kuɗin kitso kawai, ta tafi da wayarta da mutuncinta.

Kuma ba alfarma ake roƙo ba. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta wajabta bayyana farashin kaya da na aiki, ta kuma hana karɓar fiye da abin da aka nuna. A watan Fabrairun 2024 hukumar ta rufe wani babban kanti a Abuja saboda farashin kan kanta ya saɓa da na wajen biya. Dokar ba ta ware ƙaramin shago ba. Tun kafin dokar ma, a makarantar Islamiyya an koya mana cewa sharaɗin jinga shi ne a san aikin, a san ladan, kafin a fara. Ta yaya za a buɗe shago da bisimilla da safe, a wuni ana karɓar kuɗin da mai shi bai yarda da shi ba?

Mu ma da laifinmu, 'yan uwana mata. Kunya ce ke kashe mu. Muna tsoron a ce mun cika ƙwaƙwa, ko a ɗauka ba mu da shi, sai mu biya mu fito muna gunaguni a hanya. Gunagunin hanya bai taɓa rataye allo a bangon kowa ba.

Daga yau, kafin ki cire ɗankwali, ki nemi allon farashi. In babu, ki ce a faɗa miki jimlar kuɗin gaba ɗaya, da wanki da busarwa da mai, a gaban mutane. In aka ce "ki zauna dai, ba za mu ɓata ba", ki ɗauki jakarki ki nemi wani shagon.