Ɗanladi ba ya bayan Zainab

Duk wanda ya taɓa jera sunayen ɗalibai ko na marubuta a kwamfuta ya san wannan ɓarna: Dauda, Kabiru, Zainab, sai can ƙasa a tarar da Ɗanladi da Ƙasimu, kamar baƙin da suka makara. Manhajar da ta yi haka ba haruffa ta duba ba, lambobinsu ta kwatanta. A tsarin Unicode lambar D ita ce 68, ta Z kuma 90, amma Ɗ tana 394, Ƙ tana 408. A ƙananan haruffa abin ya fi muni, domin ƙ tana 409 alhali ɗ tana 599, sai ƙasa ta riga ɗaki. An raba waɗannan lambobi ne don ajiye rubutu, ba a yi nufin su zama jerin abacada na kowane harshe ba.

Abin da ya kamata shi ne a sanar da manhaja harshen da take jerawa. A nan ake kwatanta sunaye mataki-mataki: ainihin harafi tukuna, sannan alamar da ke kansa, daga ƙarshe girmansa. Alamar karin sauti a kan à, ko wadda ke kan é a sunayen da aka rubuta da Faransanci a Nijar, ba ta raba suna da 'yan'uwansa. Sai komai ya zo daidai ake waiwayarta. Lanƙwasar ɗ kuwa ba ado ba ce. Harafi ne mai zaman kansa, wurinsa bayan d, kafin e. Shi ya sa dabarar goge lanƙwasa kafin jerawa ba magani ba ce: tana cuɗa Ɗanladi cikin masu D, ta sa shi gaban Dauda.

A JavaScript layi ɗaya ya isa:

```
sunaye.sort(new Intl.Collator("ha").compare)
```

Ƙa'idar Hausa da ke cikin rumbun CLDR ta wuce batun lanƙwasa. Ta ɗauki sh da ts a matsayin haruffa guda-guda, don haka Sulaiman yana riga Shehu, Tukur yana riga Tsoho. Wannan ne ma gwaji mafi sauƙi: idan Shehu ya fito kafin Sulaiman, to manhajar ba ta ɗauke da ƙa'idar Hausa, ta koma ga tsarin gama-gari ba tare da ta faɗa ba.

Wani editan zai ce mai karatun da ya saba da jerin Ingilishi zai nemi Shehu tsakanin Sani da Sulaiman, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce, musamman a manazartar da ta haɗa sunayen Hausawa da na Turawa. Mujalla tana da ikon zaɓar kowanne daga cikin biyun, muddin ta bayyana shi a ƙa'idojinta na rubutu, ta kuma tsaya a kansa daga fitowa zuwa fitowa. Jefa Ɗanladi bayan Zainab kuwa ba ya cikin zaɓin, domin ba tsarin Hausa ba ne, ba kuma na Ingilishi ba.