Ƙarin Albashi Ba Ya Talauta Ma'aikaci

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a majalisun ma'aikata a cikin birnin Kano, daga Yakasai har Mandawari, wai in ƙarin girma ya tura mutum zuwa matakin haraji na sama, to gwamnati za ta lashe ƙarin, har ta taɓa tsohon albashin. Wannan magana kuskure ce, kuma mai tsada, domin tana iya sa mutum ya yi sanyin jiki wajen neman haƙƙinsa.

Ba abin mamaki ba ne da mutanenmu suka ɗauka haka, saboda sun saba da lissafin zakka. Idan kuɗi suka cika nisabi kuma shekara ta zagayo, ana fitar da ɗaya cikin arba'in daga dukkansu ne, ba daga abin da ya haura nisabin kaɗai ba. Harajin albashi kuwa tsarinsa dabam ne. Ya fi kama da randuna da aka jera, sai ta farko ta cika ruwa ya tsallaka ta biyu, kuma kowace randa da nata farashi.

Bisa dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, Naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara ba su da haraji. Naira 2,200,000 da ke biye ana yankar kashi 15 cikin ɗari daga cikinsu, Naira 9,000,000 da ke bin waɗannan kuma kashi 18. Ana wannan lissafi ne bayan an cire abin da doka ta yafe, kamar kuɗin fansho.

A ɗauki misalin babban malamin sakandare wanda kuɗinsa da haraji ya hau kansu suka kai Naira 2,800,000 a shekara. In an ware 800,000, saura 2,000,000, harajinsa ke nan 300,000. Sai aka yi masa ƙarin 600,000, ya koma 3,400,000, wato ya haura iyakar miliyan uku. Abokan hirarsa za su ce yanzu kashi 18 ya hau kan kuɗin duka, su lissafa masa 612,000, su ce fiye da rabin ƙarin ya salwanta.

Ga yadda abin yake. Randar farko tana nan babu haraji. Ta biyu ta cika, harajinta 330,000. Naira 400,000 ne kawai suka tsallaka ta uku, harajinsu 72,000. Jimla 402,000. Ashe harajin ya ƙaru da 102,000 ne, malam kuma ya tsira da 498,000. A wata, daga ƙarin 50,000, hukuma ta ɗauki 8,500, ya kai 41,500 gida. Tsallaka matakin shi kansa bai ci masa fiye da Naira 1,000 a wata ba.

A nan ne ya kamata ɗalibi ya bambance kaso biyu. Kason matakin ƙarshe, wato kashi 18, shi ne abin da za a yanka daga kowace sabuwar Naira da malamin zai samu, kuma da shi ake auna amfanin ƙari. Matsakaicin kaso kuwa shi ne jimlar haraji a raba da jimlar kuɗin, a nan ya tashi daga kusan kashi 10.7 zuwa kusan 11.8. Shi ne ke nuna ainihin nauyin da mutum ke ɗauke da shi. Muddin akwai matakin da ba a biyan komai, matsakaicin ba zai taɓa kamo na ƙarshe ba.

Wani zai ce ai ya ga wanda aka yi wa ƙari amma abin da ya shiga asusunsa ya ragu. Yana yiwuwa, sai dai ba matakan haraji ne sanadi ba. A duba takardar albashi, wataƙila an fara cire bashin ƙungiya, ko an janye wani alawus, ko kuwa akawu ya yi kuskure. Gwajin mai sauƙi ne: a raba ƙarin harajin da ƙarin albashin. Ga wanda bai wuce miliyan goma sha biyu ba, in amsar ta haura kashi 18, to a nemi bayani a ofishin biyan albashi ko Hukumar Tattara Kuɗaɗen Shiga ta Jihar Kano.

Saboda haka ya dace malaman lissafi su riƙa koyar da darasin kaso cikin ɗari da waɗannan matakai, ofisoshi kuma su riƙa rubuta kason biyu a takardar albashi. Ɗalibin da ya iya wannan lissafi zai iya duba takardar mahaifinsa ya gaya masa ko an yanke shi daidai.